Fuskar aro

A ɗakin kakata a Maraɗi akwai wani hoto baƙi da fari wanda ta ce an ɗauka shekara guda bayan juyin mulkin Seyni Kunce. In lissafinta daidai ne, 1975 ke nan. Mutum biyar ne a ciki. Ita tana zaune a kujera da mahaifina a cinyarta, lokacin yana ɗan shekara uku. Gwaggona na tsaye a gefenta ta ƙanƙame hannun kujerar. A baya kakana ne, da hula da babbar riga, ya ɗora hannunsa na dama a kafaɗar babban ɗansa, yaro ɗan shekara bakwai. Wannan shi ne hoto ɗaya tak da aka taɓa ɗaukar su tare.

Wata damina rufin ya yi yoyo, ruwa ya biyo bango ya shiga bayan gilashin. Ba a lura ba sai bayan kwanaki. Hoton irin na da ne, wanda zanensa ke kwance cikin wani siririn danƙo da aka shafe takarda da shi, in ya jiƙe sai ya yi laushi ya manne wa gilashi. Da an bar shi haka, an ɗauki kwafinsa ta bayan gilashin, da an tsira da kusan komai. Amma wani yayanmu mai son taimako ya buɗe katakon ya ɓamɓaro takardar. Inda ya fi mannewa shi ne fuskar kakana. Daga gira zuwa leɓen ƙasa ta tafi, sai farar takarda. Hula ta tsira, da kunne ɗaya, da haɓa, da ɗan gefen gemu.

Kakana ya rasu kafin a haife ni. Tun ina ƙarami, in an ce "ga kakanku", wannan farin gurbin nake kallo.

Hutun da ya wuce Baba ƙarami ya zo da shawara. Shi ba ya cikin hoton, ba a haife shi ba a lokacin, wataƙila shi ya sa abin ya fi damunsa. Ya tono tsohon katin ɗan ƙasa na kakana daga cikin akwatin takardu, wanda aka yi a 1993, da ɗan hotonsa liƙe a kusurwa. Ya ce ai ga fuska nan, a kai wa masu kwamfuta su ɗauko ta su mayar a gurbinta. Da yake ni ne ɗan jami'a, ni aka ba aikin, da jikka biyar na biyan mai gyara. Na karɓa ban ko yi tunanin akwai wata tambaya a ciki ba. Sai da na zauna kusa da mai gyaran ina kallon yadda ake yi sannan na fara jin wani abu na cin raina.

Bari in faɗi yadda aka yi aikin, domin gardamar duka tana cikin waɗannan ƙananan matakai.

Mai gyaran saurayi ne kamar mu, yana da ɗan shago na fotokopi da hoton kati. Ya fara da sanya babban hoton a na'urar kwafe hoto a kan 600 dpi. Hoton santimita 13 ne a 18, kan kakana a ciki bai wuce santimita 2 ba, wato a kan allo ya zama ɗigo ɗari huɗu da ƴan kai daga hula zuwa haɓa. Ɗan hoton katin ya kwafe shi a kan 1200, saboda ƙanƙantarsa da kuma tabon da ke jikinsa: tsatsar ƙusar da aka maƙala shi da ita, da hatimin hukuma da ya ci gefen kunci. Ya buɗe su biyun a Photoshop. Ƙananan karce da ɗigon gara na jikin riga da labule ya share su da `tampon de duplication`, wanda ke ɗauko ɗan yanki mai lafiya daga kusa ya rufe inda ya lalace. Wannan bai dame ni ba. Labule labule ne, zaren da ke nan shi ne zaren da ke can.

Sannan ya yanko fuskar katin ya ɗora ta a kan babban hoton a matsayin `calque` dabam, ya rage `opacité` zuwa rabi yadda ana ganin na ƙasa ta cikin na sama. Ya ce mini abin da ake fara daidaitawa shi ne abin da ya tsira: ramin kunne, ƙarshen haɓa, bakin hula. In waɗannan uku suka hau kan juna, idanu da hanci za su faɗa inda ya kamata da kansu. Ya rage girma, ya karkata fuskar kaɗan, har suka hau. Sai matsalar haske ta fito. A babban hoton fitilar mai hoto ta bugo daga gefe ɗaya, kowa inuwar hancinsa ta kwanta gefe guda. A hoton katin kuwa, wanda da alama a waje aka ɗauka jikin wani ƙyalle, hasken daga ɗaya gefen ya zo. In aka bar shi haka, ko yaro zai ga cewa mutum huɗu rana ɗaya ta haska su, na biyar kuma wata rana dabam. Maganin da ya fi sauƙi shi ne a juya fuskar, dama ta koma hagu, kamar a madubi. Haka ya yi, da taɓawa ɗaya. Bayan nan ya goge gefunan da `masque de fusion` har suka narke cikin tsohon kunne da tsohuwar haɓa, ya daidaita duhu da haske da `courbes`, ya zuba ƴan ɗigo-ɗigo a kan sabuwar fuskar don ta yi tsakin tsohuwar takarda. Da ya ga tsufa ya yi yawa, sai ya sassauta layukan goshi da na gefen baki, ya mayar da furfurar gemu baƙa.

Awa biyu da ƴan mintoci. Da ya gama, wallahi tsigar jikina ta tashi. Ga mutum tsaye a bayan iyalinsa yana kallona, da idanun mahaifina sak.

Na kai wa kakata takardar da aka buga. Ta sa tabarau, ta kai shi bakin ƙofa wajen haske, ta daɗe. Ni da ita muna wasan jika da kaka, "maigidana" take ce mini, amma ranar ba ta yi wasa ba. Ta ce: "Wanga ya yi kama da Malam ƙwarai. Amma wa ya maida mishi bille a dama?"

Billen kakana a kuncin hagu yake. Juyawar nan ta madubi ta kai shi dama. Ni ban sani ba, mai gyaran bai sani ba, Baba ƙarami ma da ya girma a gabansa bai lura ba. (Ku yi tunanin da Bagobiri ne mai shida a kunci ɗaya da bakwai a ɗayan, da an sauya masa lissafin gidansu ke nan ba da saninsa ba.) Wannan kuskuren mai sauƙi ne. Na koma, aka warware juyawar, mai gyaran ya zauna ya zana inuwar hanci da ta kunci da hannu, aiki ya ƙaru da awa guda, bille ya koma muhallinsa. Amma Gwaggo da ta gani ta faɗi abin da ba a gyara shi da kwamfuta. Ta ce katin nan an yi shi ne ƴan watanni bayan rasuwar yayansu, wancan yaron da ke tsaye a gaban mahaifinsa a hoton. Ya rasu yana da shekara ashirin da huɗu. Ta ce tun daga ranar idanun Baba ba su koma yadda suke ba, kuma waɗannan idanun ne muka ɗauko. "Kun sa shi yana ta'aziyyar yaro alhali hannunsa na kan kafaɗar yaron."

Daga nan gida ya rabu biyu. Baba ƙarami ya ce fuskar ubansa ce, ba ta wani ba, ba a yi wa kowa ƙarya ba. Gwaggo ta ce fuskarsa ce amma ba ta ranar ba. Ni kuma na dawo Yamai da tambayar: in kowane yanki na abu gaskiya ne, haɗin zai iya zama ƙarya?

A darasin ilimin alamomi an koya mana rabe-raben Charles Peirce, kuma ban taɓa ganin amfaninsu a waje da jarrabawa ba sai a kan wannan hoto. Akwai alamar da ke nuna abu don ta yi kama da shi, kamar zanen raƙumi a allo. Akwai kuma wadda ke nuna abu don abin ne da kansa ya haifar da ita, kamar sawun raƙumi a rairayi. Mai zane zai iya zana raƙumin da bai taɓa gani ba. Sawu kuwa ba ya samuwa sai raƙumi ya taka wurin, a wani lokaci takamaimai. Hoto na da duka biyun: yana kama da mutum, kuma sawu ne, domin hasken da ya bugi fuskar mutumin a wannan daƙiƙa shi ne ya shiga akwatin mai hoto ya ƙona fim. Shi ya sa muke yarda da hoto fiye da zane, ko da zanen ya fi kyau. In muka kalli hoton iyali ba muna cewa "haka suke" kawai ba, muna cewa "sun tsaya tare a wuri ɗaya, a rana ɗaya, haka fuskokinsu suke a lokacin".

To abin da muka yi shi ne mun ɗebo sawu daga wata hanya mun dasa a wannan hanyar. Sawun na raƙumin ne, babu shakka. Amma duk wanda ya bi shi zai ce raƙumin ya bi ta nan da irin wannan takun, alhali a wata hanya ya yi shi, bayan shekara goma sha takwas, da wani kaya a bayansa. Kamar ta ƙaru, shaidar ta ragu. Kuma abin da ya fi ba ni tsoro shi ne, iya ƙwarewar mai gyara iya ɓacewar shaidar. Da aikin ya yi muni, da kowa ya ga ɗinkin ya san an yi maho.

Sai dai hujjar Baba ƙarami ba ta da rauni kamar yadda na so ta kasance, kuma dole in ba ta haƙƙinta. Ya ce mini: "Kai ɗan boko, kana tsammani hoton na farko gaskiya ne tsantsa?" Agogon da ke hannun kakana a hoton na mai hoto ne, ana ara wa duk wanda ya zo. Labulen baya mai zanen bene da fitilu babu irin wannan gini a unguwarsu. Rigar ma, in ji kakata, ta ƙanensa ce. Kuma masu hoto na da sukan bi fim da fensiri su share ƙuraje su gyara fata kafin su buga. Wato tun ranar farko hoton shiri ne, yadda iyali ke son a gan su ne. In an yarda da agogon aro, me ya sa ba za a yarda da fuskar aro ba, tunda ma daga mai ita aka aro?

Na kwana biyu ina juya wannan. Amsar da na samu ita ce, agogon aro ya kasance a hannunsa a ranar. Kakana ya gan shi, ya yarda ya ɗaura, ya tsaya da shi. In akwai ruɗi a ciki, nasa ne, shi ya zaɓa, kuma hoton ya faɗi gaskiya game da wannan zaɓin: ga mutumin da ya so a gan shi da agogo. Fuskar kati kuwa bai zo da ita wurin ba. Ita ce fuskar da mutum ke yi in an ce ya tsaya cak, ya kalli gaba, kada ya yi murmushi, don takardar da ɗan sanda zai duba a kan hanya. Ba ita ce fuskar da yake yi a tsakiyar ƴaƴansa ba. Ba mu san ko ya yi murmushi a 1975 ba. Kakata ta ce ya yi ɗan kaɗan, Gwaggo ta ce ba ta tuna ba. Mu muka yanke masa cewa bai yi ba, kuma ba shi da bakin musu. Bayan haka, abin da ke jikin takardar yanzu ba ma fuskar 1993 ba ce cikakkiya, tunda an share layukan goshi an rina gemu an zana inuwa. Fuska ce da ba ta taɓa wanzuwa ba ko da rana ɗaya: idanun ɗan hamsin da uku a fatar ɗan talatin da biyar.

Da a nan na tsaya, da sai in ce Gwaggo ta yi gaskiya, a yaga sabon a bar gurbi. Amma ban iya ba, don na tuna abin da ni kaina nake koyo kullum a aji.

Mu ɗaliban harshe sana'armu ke nan, cike gurbi da fuskar aro. Ɗauki dokar da ake kira da sunan August Klingenheben, Bajamushen da ya bayyana yadda wasu baƙaƙe a ƙarshen gaɓa suka yi laushi a Hausa. Bakano na cewa zauna, aure, sauka, auduga. Mutumin Tawa ko na Gobir na cewa zamna, amre, sabka, abduga. A nan ba mu da wahala, tsohuwar siffar tana raye a bakin mutane, sai ka hau mota ka je ka ji ta. Amma dubi talaka da talauci. Daga ina wannan "u" ta fito, ina kuma "k" ta tafi? Ko ɓauna da jam'inta ɓakane. Ba wanda ke cewa talakci ko ɓakna a yau, babu kuma faifan da ya naɗi wanda ya faɗa. Abin da muke yi shi ne mu ɗauko "k" daga kalmar da ta tsira, mu mayar da ita a gurbin da ta ɓace, daidai yadda mai gyaran nan ya yi da kunne da haɓa. Haka masana irin su Paul Newman suka bi har suka sake gina kalmomin tsohon harshen da Hausa da ƴan uwanta na rukunin Cadi suka fito daga gare shi, harshen da ba wanda ya taɓa rubuta shi. Ba wanda ke kiran wannan ƙarya. Ilimi ne, kuma in ba a yi shi ba, gurbin ba ya koya wa kowa komai.

Bambancin ɗaya ne. Mu in mun gina kalma sai mun sa mata tauraro a gaba: *talakci, *ɓakna. Ɗan tauraron nan yana cewa: wannan ba a ji ta ba, ni na haɗa ta daga shaidu, ga dalilaina, in ka fi ni hujja ka rushe. Ɗalibin da ya manta tauraro a jarrabawa malami zai soke amsar ko da siffar daidai ce, kuma da ina ganin tsanani ne kawai. Haka masu buga tsofaffin rubuce-rubucen ajami ke yi in gara ta ci kalma: su cike, amma cikin baka mai kusurwa, don mai karatu ya san ina tawadar marubuci ta ƙare ina hasashen mai bugu ya fara. Masu gyaran gine-ginen tarihi ma sun rubuta irin wannan ƙa'ida a yarjejeniyar Venis ta 1964: abin da aka cike ya dace da sauran ginin, amma a iya bambanta shi da na asali.

Har kalmar da muke amfani da ita tana da wannan harshen damo. Mun ce mun kai hoto gyara. Gyara shi ne mayar da abu yadda yake. Amma a kasuwa in ka sayi tumatir ka ce "a yi mini gyara", ƙari kake nema, abin da ba ya cikin ma'auni. Mai tumatir ba ya ɓoye gyaransa, a gabanka yake ɗorawa bayan ya gama awo, kowa ya san wanne ne saye wanne ne ƙari. Gyaran hotonmu na kasuwa ne, ƙari ne, amma an cusa shi cikin awo.

Saboda haka matsayina shi ne, ɗauko fuskar ba laifi ba ne. Ƙanena ɗan shekara tara yana da haƙƙin ya san kamannin kakansa a tsaye cikin iyalinsa, ba a ɗan kati mai hatimi a kunci ba. Farin gurbin ma ba gaskiya yake faɗa ba, don kakana ba marar fuska ba ne, kuma na san abin da gurbin ya yi mini ina yaro: na girma ina jin kakana kamar wani abin tsoro da ba a kallo. Laifin yana wajen share ɗinkin. Yana wajen ƴan ɗigon nan da aka zuba don sabuwa ta yi kama da tsohuwa, wanda ba shi da wani amfani sai hana ido ganewa.

Wani abokina a fada, muna shan shayi, ya ce ina wahalar da kaina a banza. Duk gidanku sun san an yi maho, wa ake ruɗa? Gaskiya ne, yau ba a ruɗin kowa. Kakata ba ta bukatar tauraro, ita ce tauraron. Ta kalli hoton sau ɗaya ta ga bille ya ƙaura. Gwaggo ta kalli idanu ta faɗi shekararsu. Amma kakata ta haura saba'in, kuma hoto ya fi mutum daɗewa, musamman yanzu da yake yawo a salula. Nan da shekara talatin waɗanda suka san fuskar Malam da idonsu sun ƙare, saura mu da muka san shi ta hoton. A lokacin ba mu ne za mu gyara hoton ba, shi ne zai gyara mu. Ni kaina na riga na fara: in na rufe ido na ce "kakana", wannan fuskar ta kwamfuta ce ke zuwa, ta kori farin gurbin, wata uku kacal bayan na ga yadda aka haɗa ta da idona. In haka ta yi mini, ni da na zauna a shagon, ina ga ɗan da zan haifa? Shi zai kalli idanun nan ya ce kakan babana mutum ne mai baƙin ciki tun yana saurayi, ya gina labari a kai, wataƙila ma ya ce halin gidanmu ne. Ba wanda ya yi masa ƙarya da baki, amma ya ɗauki abin da ba haka ba, kuma mu muka shirya masa.

Akwai wani abu kuma da na tsaya a kansa da Baba ƙarami har muka ɗan yi sa-in-sa. Da sabon ya fito, ya ce tsohon ya gama aiki, a jefar, ganinsa ma tayar da hankali yake. Na ce a'a, Baba, ko me za a yi wannan ba za a taɓa shi ba. Takardar nan mai gurbi ita ce kaɗai ta kasance a ɗakin mai hoto. Kunnen da haɓar da suka rage su ne kaɗai abin da ya saura na fuskar kakana ta 1975 a duniya. In an jefar da ita, ba mai iya duba aikinmu ya ce mun yi daidai ko mun kauce, kamar mai bincike ne ya buga sakamako ya ƙona faifan da ya naɗo. Kuma gurbin kansa ya zama tarihin gidan: daminar da rufi ya yi yoyo, da yayan da ya so taimako, wanda har yau in an tayar da zancen sai ya fita daga ɗakin.

Na koma wajen mai gyaran karo na uku. Na roƙe shi ya cire ƙuruciyar da ya ƙara, ya bar layukan goshi da furfura yadda suke a kati, ya cire ɗigon da ya zuba, ya bar sabuwar fuskar ta ɗan fi sauran haske kaɗan, yadda daga nesa hoton ya zauna daidai, in ka matso kuma ka ga iyakarta. Ya kalle ni kamar na zautu. Ya ce shekara shida yana wannan aiki, kowa cewa yake a ɓoye ɗinki, ni ne na farko da ya biya don a fito da shi, kuma in mutane suka gani za su ce shi ne bai iya ba. Na gane damuwarsa, sunansa ne a kasuwa. Muka shirya a kan cewa zan rubuta bayani a jikin hoton. Na nace rubutun ya kasance a cikin hoton kansa, a ƙasa, ba a bayan takarda ba, tunda bayan takarda ba ya bin hoto cikin salula. Layi biyu ne: an ɗauki wannan hoto a Maraɗi wajen 1975, fuskar Malam ta lalace, an ɗauko wannan daga katinsa na 1993. A saman hularsa kuma na sa ya ɗiga ɗan ƙaramin tauraro, wanda ba wanda ya gane ma'anarsa a gidan sai ni.

Da furfurar ta dawo, sai hoton ya zama wani abu dabam: dattijo tsaye a bayan mace ƴar ashirin da bakwai da ƴaƴa ƙanana. Baba ƙarami bai so ba, ya ce na mayar da ubansa kakan ƴaƴansa. Gwaggo ta ce gara haka, aƙalla yanzu idanun da fatar shekarunsu ɗaya, amma har yanzu ba ta son kallon hannun nan a kafaɗa. Ba ta karɓi kwafi ba.

Ranar da zan dawo na shiga yi wa kakata sallama. Sabon hoton na rataye a bango cikin katako, nesa da inda rufi ke yoyo. Tsohon kuwa ta naɗe shi a farin ƙyalle ta sa a cikin kwalla tare da katin. Na tambaye ta wanne ta fi so. Ta ce na bango na baƙi ne da jikoki. Na ce, na kwalla hwa? Ta ce: "Maigidana, ni in na dubi wancan ina ganin huskar. Ku ne ba ku gani."

Bayan sati biyu hoton ya iso ni a WhatsApp daga wani ɗan uwanmu na Damagaram, wanda ya samo shi daga wani, shi ma daga wani. An datse ƙasan don ya shiga allon salula da kyau, layukan nan biyu sun tafi. Tauraron yana nan a saman hula. Ɗan uwan ya tambaye ni ko datti ne ya hau hoton, yana da wanda zai iya share shi.